Larabci ne ko ba Larabci ba? Tambayoyi da amsoshi kan gane harshen gajeren rubutu kafin a nemi mai fassara

Mutum ya sayi dabino ko za'afaran, ya ga 'yan kalmomi a jikin kwali. Wani ya tsinci takarda a akwatin kakansa. Wata an kawo mata zobe tsarabar hajji, da rubutu a cikinsa. Duk sai su nufi wanda ya yi karatun Larabci, su ce malam fassara mana. Sau da yawa malamin ya juya rubutun ya sake juyawa, ya ce bai ba da ma'ana ba, alhali rubutun lafiyarsa ƙalau, harshen ne ba nasa ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi karkata ga rubutu mai baƙaƙen Larabci, domin a nan ne mu Hausawa muka fi yin tuntuɓe.

Ai duk rubutun da ya taho daga dama zuwa hagu Larabci ne, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma shaidar tana cikin aljihunka. Ɗauko takardar naira dubu ka karanta rubutun ajamin da ke jikinta. Abin da aka rubuta shi ne "naira dubu", da Hausa tsantsa. Haka ta ɗari biyar da ta ɗari biyu. Balaraben Alƙahira zai iya furta baƙaƙen, amma ba zai san me "dubu" ke nufi ba, don shi "alf" ya sani. Rubutun da ke tambarin sojan ƙasa na Najeriya kuwa, "nasrun minallah", wannan Larabci ne na gaske. Baƙaƙe iri ɗaya, harsuna biyu.

Baƙi daban, harshe daban. Farisanci na Iran, Urdu na Pakistan da Indiya, Pashto na Afganistan, Kurdanci na Iraƙi, duk da baƙaƙen Larabci ake rubuta su. Turkawa ma da su suke rubutu har 1928, lokacin da suka koma boko. A nan gida kuma akwai ajamin Hausa, na Fulatanci, na Barbarci, na Nufanci da na Yarabanci. Saboda haka ganin alif da lam bai gaya maka harshe ba tukuna, ya dai rage maka yawan waɗanda za ka tuhuma.

To me zai hana in kai wa malami kawai, shi ya gane da kansa?

Idan rubutun shafi guda ne, babu damuwa, layi biyu zai karanta ya ce maka wannan ba Larabci ba ne. Matsalar gajeren rubutu ita ce kalma biyu ko uku ba su isa su tona kansu ba. Farisanci da Urdu sun ari kalmomin Larabci da yawan gaske, kamar yadda Hausa ta ara. Kalma irin "dunya", "kitab", "sabr" ko "tarikh" za ka same ta a dukkansu da rubutu kusan iri ɗaya. Malamin zai gane kalma ɗaya cikin uku, ya ɗauka sauran biyun kuskuren rubutu ne, sai ya gyara su a ransa ya ba ka fassarar da ta yi kama da daidai. Ba ƙarya ya yi maka ba. Kai ne ka shigo da "ga wani Larabci", shi kuma ya karanta da wannan idon.

Wannan ya fi cutarwa a kan ya ce bai sani ba. Wanda aka ce wa "ban gane ba" zai ci gaba da nema. Wanda aka ba fassarar da aka ƙaƙalo zai tafi gida da ita hankali kwance.

Da me zan fara dubawa?

Da baƙaƙen da Larabci ba shi da su. Larabci baƙi 28 gare shi, kuma duk harshen da ya ari rubutun sai da ya ƙara wasu don sautukan da Larabawa ba su furtawa. Waɗannan ƙarin su ne alamar gida.

Farisanci ya ƙara huɗu: پ da چ da ژ da گ. Na farko, wato pa, baƙin ba ne mai ɗigo uku a ƙasa, na biyu jim mai ɗigo uku, na uku ra mai ɗigo uku a sama, na huɗu kaf mai ƙarin sanda a kansa. Ka ga ɗaya daga cikinsu a rubutun kamfani ko na hukuma, to ka fita daga Larabcin littafi.

Urdu yana da waɗannan huɗun duka, sannan ya ƙara nasa. Mafi sauƙin ganewa su ne baƙaƙen da aka ɗora wa ɗan ƙaramin ɗa mai hannu a ka, wato ٹ da ڈ da ڑ. Sai nun maras ɗigo a ƙarshen kalma, ں, da wata ya mai dogon wutsiya da ta kwanta ta koma baya, ے. Wannan ta ƙarshe tana yawan fitowa ƙwarai, da wuya jimlar Urdu ta yi tsawo babu ita. Ga misali daga kwalin magani: دن میں دو بار. Kalma ta biyu ta ƙare da nun maras ɗigo, wannan kaɗai ya isa ka nemi mai jin Urdu. Ma'anarsa "sau biyu a rana", abin da ba ka so a yi maka hasashe a kansa.

Pashto kuma ɗan zobe yake rataya wa baƙi a ƙasa, kamar ټ da ډ da ړ. In ka ga zoben nan, Afganistan ko yammacin Pakistan za ka dosa.

Abin lura ɗaya: mutanen Iraƙi da na gaɓar Tekun Fasha sukan yi amfani da چ da گ idan suna rubuta karin maganarsu ta yau da kullum. Don haka a saƙon waya baƙi ɗaya bai yanke hukunci ba, sai an haɗa da wata alamar.

In babu ko ɗaya daga waɗannan baƙaƙe fa? Rubutun nawa kalma biyu ne kacal.

Nan ne aikin yake, kuma gara mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce a gindin kwalin dabino ka ga wannan:

تاریخ انقضا ۱۴۰۵/۰۶

Babu پ, babu گ. Kalmar farko "tarikh" ce, kowane ɗalibin Islamiyya ya san ta. Ta biyu ma asalinta Larabci ne, daga ƙarewar abu. Mai karatu zai ce ranar lalacewa ce, kuma ya yi daidai. Sai ya dubi shekara ya ga 1405, wata na shida. A lissafin Hijira da muka saba, Jimada Sani ta 1405 ta faɗo a farkon 1985. Sai a ce dabinon ya lalace shekaru arba'in da suka wuce, ko kuma a ce kayan jabu ne.

Yanzu dubi abu uku. Na farko, babu alif da lam a kalma ta biyu. Kamfanin Larabawa zai rubuta تاريخ الانتهاء, da "al" a gaba, kuma da wata kalmar dabam. Rashin "al" a inda nahawun Larabci ke bukatarsa babbar alama ce. Na biyu, siffar lambobi. Larabawan gabas suna rubuta huɗu, biyar da shida haka: ٤ ٥ ٦. Iraniyawa kuwa haka: ۴ ۵ ۶. Biyar ɗinsu ta yi kama da zuciya a kife, ba zagaye ba ce kamar ta Larabawa. A misalinmu dukkan ukun sun fito da siffar Iran. Na uku, lambar sanduna da ke bayan kwali: in ta fara da 626, a Iran aka yi mata rajista.

Da ka tabbatar Farisanci ne, sai lissafin ya sauya gaba ɗaya. Iran tana ƙirga shekara daga Hijira, amma da rana take ƙirgawa, ba da wata ba, kuma shekararta tana kamawa ne wajen 21 ga Maris. Don samun shekarar Miladiyya sai ka ƙara 621, ko 622 idan kwanan ya faɗo tsakanin Janairu da Maris. 1405 da 621 sun ba da 2026. Wata na shida a can, Shahriwar, yana farawa wajen 23 ga Agusta ya ƙare wajen 22 ga Satumba. Ashe dabinon da aka yi wa hukuncin 1985, wa'adinsa ƙarshen damina ne na 2026.

Ka lura malamin bai yi kuskure a fassarar kalma ko ɗaya ba. Harshen ne ya zo da kalandarsa, shi kuma ba a gaya masa harshen ba.

Akwai wasu ƙananan alamu irin waɗannan?

Akwai, kuma mafi amfani su ne ƙananan kalmomin da ba a arawa. Harshe yakan ari sunan littafi da na kasuwa da na shari'a, amma ba ya aron "a cikin" da "daga" da "ne". Larabci zai nuna maka في da من da على da إلى. Farisanci zai nuna در da از da به da که da است. Urdu kuwa کا da کی da کے da میں da ہے. Ko ba ka san ma'anarsu ba, haddace siffarsu kawai ya wadatar.

Sai ta-kuri, ة. Larabci cike yake da ita a ƙarshen kalmomi, Farisanci da Urdu kuwa sukan mayar da ita ت ko ha maras ɗigo. Kaf ta ƙarshen kalma ma ta bambanta: Larabawa ك, Iraniyawa da Pakistanawa ک. Ya ta ƙarshe a Larabci tana da ɗigo biyu a ƙasa, a Farisanci babu. Amma kada ka dogara da wannan ta ƙarshe ita kaɗai, domin Misirawa ma sukan bar ɗigon.

A kayan sayarwa, "an yi a ƙasa kaza" ya fi komai saurin fallasa harshe. صنع في Larabci ne. ساخت Farisanci ne. Lambar sanduna tana taimakawa, 896 Pakistan, 628 Saudiyya, 622 Masar, sai dai tana nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai. Kayan da aka sake zubawa a kwali a Dubai za su iya ɗaukar 629 alhali takardar ciki da Farisanci take.

Takardar da na samu tsohuwa ce, rubutun hannu, irin na allo. Yaya zan san ajamin Hausa ne ko Larabci?

Fara da sanin cewa salon hannu ba zai raba maka gardama ba. Fa mai ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, wannan salon Magrib ne da muka gada tare da ruwayar Warshu. Yana gaya maka an yi rubutun a yankinmu ko a arewacin Afirka, amma da shi malamanmu suka rubuta Larabci da Hausa da Fulatanci duka.

Abin da za ka duba shi ne wasali. Malami in yana rubuta wasiƙa ko fiƙihu da Larabci, yawanci baƙaƙe zalla yake zubawa, sai in Alƙur'ani ne ko waƙa ko littafin koyarwa. Ajamin Hausa kuwa kusan kullum da cikakken wasali yake zuwa, domin in babu shi ba ya karantuwa: "gida" da "gado" da "gudu" duk baƙaƙensu na asali ɗaya ne. To idan ka ga rubutu cike da wasali, ga ɗigon imala a ƙarƙashin baƙaƙe, amma babu "al" babu ta-kuri, ka gwada karanta shi da ƙarfi da kunnen Bahaushe. Ka furta غ a matsayin "g", ث a matsayin "c", ɗa mai hannu a matsayin "ɗ", in kuma an ɗora masa ɗigo uku, "ts". Sau da yawa kafin ka kai ƙarshen layi za ka ji "da" da "na" da "ba" suna faɗowa, kalmomin su miƙe.

Tarko ɗaya da ke kama mutane: kada ka yanke hukunci da layin farko ko na ƙarshe. Waƙar ajami takan buɗe da bisimilla da salati da Larabci, ta rufe da "tammat bi hamdillahi", wani lokaci har da sunan mai kwafe da kwanan wata, duk da Larabci. Tsakiyar shafi za ka duba.

Na karanta da ƙarfi, wasalin ya cika, amma ba Hausa nake ji ba.

To mai yiwuwa Fulatanci ne, musamman in takardar ta fito daga Sakkwato, Gwandu, Adamawa ko arewacin Kamaru. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙi da yawa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, don haka a akwati ɗaya za a iya samun harsunan uku a haɗe. Saurari ƙarshen kalmomi. Idan kana ta jin "-nde", "-ngo", "-ɓe", "-ɗo", nemi Bafulatanin da ya yi karatun allo. Wanda ke jin Fulatanci amma boko kaɗai ya iya, sai ka karanta masa ya saurara, ko da lafazinka ya karkace.

In daga Borno ne, kuma ƙananan kalmomi ne aka cusa tsakanin layukan Alƙur'ani ko a gefe, akwai tsohuwar al'adar malaman can ta yin sharhi da tsohon harshen Kanembu. Wannan ko mai jin Barbarcin yau ba lalle ya gane shi kai tsaye ba, aikin malaman tafsirin yankin ne. Ga takarda mai daraja irin wannan, wuraren ajiyar rubuce-rubuce kamar Arewa House a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, sun fi dacewa da a yi ta yawo da ita hannu zuwa hannu.

Rubutun ya yi kama da Larabci daga nesa, amma ban gane baƙi ko ɗaya ba.

Wataƙila ba baƙaƙen Larabci ba ne sam. Yammacin Afirka na da rubutu biyu na zamani da ke tafiya daga dama zuwa hagu, baƙaƙensu kuma suna haɗewa. N'Ko, wanda Solomana Kante ya ƙirƙiro a 1949 don harsunan Mandinka da Bambara da Jula, da Adlam, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro wa Fulatanci a ƙarshen shekarun 1980. Wanda ya iya karatun Alƙur'ani amma ya kasa kama ko alif ɗaya a layi, ya tuhumi waɗannan.

Kafin nan dai duba abu mai sauƙi: ko hoton a juye yake? Kyamarar gaba ta waya takan juya rubutu kamar madubi, zoben hatimi kuma da gangan ake sassaƙa shi a juye don ya fito daidai a kan takarda. Ɗora madubi a gefe ka sake dubawa.

Zai yiwu abin ba harshe ba ne kwata-kwata?

Ƙwarai kuwa. Riguna da labule da yawa suna ɗauke da baƙaƙen ado da ba su haɗa kalma ba. Wani lokaci kuma kalmar gaskiya ce, amma na'urar bugawa ta warware baƙaƙen ɗaya-ɗaya ta jera su daga hagu, sai ka karanta ta baya kafin ta fito. Hatimi mai gidaje da baƙaƙe a ciki lissafi ne, kowane baƙi lamba yake wakilta, ba fassara ake nema masa ba. Haka ٧٨٦ da ake gani a kayan Pakistan da Indiya, adadin baƙaƙen bisimilla ne a lissafin abjad na gabas.

A waya ko kwamfuta kuma, in saƙo ya zo da tarkace irin wannan:

```
Ø§Ù„
```

ba wani baƙon harshe ba ne. Rubutun Larabci ne da na'ura ta buɗe da tsarin da bai dace ba, kuma wannan guntun alif da lam ne. Yawan Ø da Ù shi ne alamar. Ka ce wa mai aikowa ya turo hoton allon wayarsa.

Na tabbatar Larabci ne. Shi ke nan?

Saura tambaya ɗaya: wane Larabcin? Na littafi daban, na kasuwa daban. Wanda ya ƙware a nahawu zai iya tsayawa cak a gaban saƙon waya daga Umdurman ko Njamena. Kalmar زول, wato mutum, tana nuna Sudan. إيه a ma'anar "me" ta Masar ce, شو kuma ta Siriya da Labanan. Idan rubutun da boko aka yi shi kuma lambobi sun shiga tsakiyar kalma, kamar 7abibi ko 3id, Larabcin hira ne: 7 na tsaye a madadin ح, 3 a madadin ع. Irin wannan, ɗan'uwanmu da ya zauna a Sudan ko Chadi ko Jidda ya fi malamin makaranta saurin warware shi.

Gajeren rubutun nawa da boko yake, ba ajami ba.

Dabarar ba ta sauya ba, baƙin da ya fita daban za ka nema. Ɓ da ɗ ba namu ba ne mu kaɗai, Fulatanci ma yana da su, amma ba shi da ƙ, yana kuma da ŋ da yawan wasali biyu a jere, kamar "jaaraama". Ǝ, wato e a kife, ka tuhumi Barbarci ko Tamashek. Ɗigo a ƙarƙashin e da o da s Yarabanci ne, a ƙarƙashin i da o da u kuma Ibo. Ğ da i maras ɗigo Turkanci. Matsalar ita ce masu rubutu a waya sukan watsar da duk waɗannan alamu, sai kalma irin "gari" ta zo maka tsirara, alhali da Swahili mota take nufi. A nan sai ka sa jimlar duka tsakanin alamun zance a wurin bincike na intanet, ka duba shafukan wace ƙasa ne suka fi fitowa.

Idan zan kai wa wani, me zan haɗa masa da shi?

Hoton abin gaba ɗaya, ba guntun da ka yanko ba, sannan wani hoton na kusa a haske mai kyau. Kada ka kwafe da hannunka in ba ka san rubutun ba, domin ɗige-ɗigen da ka ɗauka datti ne su ke raba ba da pa, kuma su ne shaidar da ake nema. Faɗi inda abin ya fito, wa ya kawo shi, daga wace ƙasa, a jikin me yake. In murya ce, tura sautin kansa da abin da aka faɗa kafinsa da bayansa, kada ka rubuta yadda kunnenka ya ji.

Sannan ka faɗi zatonka tare da dalilinsa, ka bar ƙofa a buɗe: "Malam, ina zaton Farisanci ne saboda siffar biyar ɗin nan da rashin alif da lam, ko ka san mai jin sa?" In takardar tana da suna, lambar fasfo ko bayanin rashin lafiyar wani, rufe wurin kafin ka tura. In kuma magani ne ko takardar yarjejeniya, ko an gane harshen, a samu mutum na biyu mai jin sa ya karanta ba tare da an gaya masa abin da na farko ya ce ba.